Waiwaye: Imoji a taken shafi, da tambayar ko yana ƙara dannawa a Google

Duk mai shafin intanet da ya taɓa liƙa 🔥 ko ✅ a gaban kanun labarinsa, sannan ya je Google ya duba bai ga komai ba sai zallar haruffa, ya ci karo da tsohuwar rigima ce ba tare da ya sani ba. Kai ne ke rubuta take, amma almakashin yana hannun Google. Tun wajen 2015 ake wannan jan igiya tsakanin masu shafuka da ke son fitowa daban cikin jerin sakamakon bincike, da kamfanin da ba ya son shafinsa ya koma kamar kasuwar ƙauye ranar jajibirin salla.

Shi imoji ba don kanun labarai aka ƙirƙire shi ba. A Japan ya taso, kuma jerin da aka fi ambata shi ne na Shigetaka Kurita, wanda ya zana ƙananan hotuna 176 a 1999 domin wayoyin kamfanin NTT DoCoMo. Sai a Oktoban 2010, da aka shigar da ɗaruruwansu cikin tsarin Unicode 6.0, kowane imoji ya samu lambarsa kamar yadda harafin ƙ ko ɗ yake da tasa. Wannan ne ya buɗe ƙofar. Da zarar hoto ya zama harafi, ana iya ajiye shi duk inda harafi ke zama, har da layin da injin bincike ke karantawa a matsayin sunan shafi:

```html
<title>🍕 Yadda ake yin fiza a gida</title>
```

Lambar da ke farkon layin nan ita ce ke fitowa a matsayin 🍕.

A shekarar 2015 abin ya yi ƙamari. A watan Afrilu WordPress, tsarin gina shafukan intanet, ya fitar da sigarsa ta 4.2 mai karɓar imoji kai tsaye, kuma a daidai wannan lokaci Google ya fara nuna su a sakamakon bincike na kwamfuta. Kamfanin tafiye-tafiye na Expedia yana cikin manyan da aka gani suna ƙawata takensu da su, ƙanana kuma suka bi sahu. Ba a je ko'ina ba, a watan Mayu, John Mueller na Google ya ce za su daina nunawa, ya kuma tuna cewa haka aka yi da wasu alamomi irin su tauraro a baya. Ba a jima ba suka ɓace. A Fabrairun 2017 kuma sai ga su sun dawo, Google yana cewa zai riƙa nuna su inda suka dace da abin da ake nema, suke da amfani, suke kuma da ban sha'awa. Ba a taɓa fitar da jerin waɗanda aka yarda da su ba. Har yau haka ake tafiya: take ɗaya zai iya fitowa da imoji ga wanda ya nemi wata kalma, ya fito tsirara ga wanda ya nemi wata.

Dalilin wannan taka-tsantsan ba ɓoyayye ba ne. Google yana da nasa alamomin da yake bayarwa bisa sharaɗi, musamman taurarin da ke nuna makin da masu saye suka ba wa kaya ko girki. A Satumbar 2019 ma ya daina nuna taurarin da kamfani ya ɗora wa kansa a shafinsa. To idan mutum ya jera ⭐⭐⭐⭐⭐ a takensa, ya kwaikwayi abin da bai samu ba, kamar mai shayi da ya ɗinka wa kansa kakin ɗan sanda. Haka ✅ ke iya sa mai bincike ya zaci an tantance shafin. Irin waɗannan su ne suka fi fuskantar almakashi. A ɓangaren tallan kuɗi kuwa babu ma zancen, domin dokokin Google Ads sun hana imoji a rubutun talla.

Sauyin da ya fi shafar batun bai ma ambaci imoji ba. A Agustan 2021 Google ya sanar da sabon tsarin samar da taken da yake nunawa, inda yakan ajiye abin da ka rubuta ya ɗauko babban kanun da ke cikin shafin, ko wani rubutu daban. Bayan ƙorafe-ƙorafe, a Satumba ya ce yana amfani da taken da masu shafi suka rubuta a kusan kashi 87 cikin ɗari na lokuta. Ma'ana, a wancan lokacin, a kusan ɗaya cikin takwas, ba takenka ake gani ba. A Janairun 2022 kuma Mueller ya amsa tambayar da aka daɗe ana yi: imoji ba ya ɗaga shafi a jeri, ba ya kuma saukar da shi, sannan ba kowanne ake nunawa ba, musamman wanda ke iya ruɗar da mai bincike.

Saura tambayar dannawa, kuma nan ne aka fi yaudarar kai. Hujjar masu goyon baya tana da ma'ana: jerin layuka goma masu kama da juna, ɗaya yana da ɗigon ja, ido zai fara sauka a kansa. Amma wannan riba ta kasancewa kai kaɗai ce. Ranar da maƙwabtanka huɗu suka sa nasu, ta ƙare. Kuma shafin sakamakon da ake magana a kai a 2015 ba shi ne na yanzu ba. Tun 2019 Google ke nuna ƙaramin tambarin kowane shafi a sakamakon waya, daga baya ya ƙara sunan shafin a sama, ga hotuna ga bidiyo. Launi ya riga ya cika wurin. Masu gwajin raba shafuka gida biyu sun wallafa sakamako iri-iri a tsawon shekarun nan, wani ya ga ƙari, wani ya ga raguwa, wani bai ga komai ba. A ganina wannan saɓanin shi ne amsar gaskiya, domin mai neman girkin alkaki da mai neman alamomin hawan jini ba abu ɗaya suke so su gani a take ba.

Bari mu ƙaddara misali da alƙaluman da na tsara don bayani kawai. Wata mai shafin girke-girke ta sa 🍲 a taken shafinta na miyar taushe. Ta buɗe Search Console, inda Google ke nuna wa mai shafi alƙaluman bincike, ta kwatanta makonni huɗu kafin canjin da huɗu bayansa. Kafin nan an nuna shafin sau 4,000, an danna sau 120, wato kashi 3 cikin ɗari, abin da allon ke kira CTR. Bayan canjin an nuna shi sau 4,000, an danna sau 140, kashi 3.5. Tana iya cewa imoji ya ƙara mata dannawa da kusan kashi 17 cikin ɗari, kuma lissafinta daidai ne. Hukuncin ne bai tabbata ba.

Na farko, adadin ya yi kaɗan. Ƙididdiga irin ta 120 tana iya yin sama ko ƙasa da kamar 11 daga wata zuwa wata ko da ba a taɓa komai ba, kuma idan aka kwatanta watanni biyu, wannan kai-komon yakan kai wajen 16. Bambancin 20 bai yi nisa da haka ba. Na biyu, sai ta duba matsakaicin matsayin shafin a jeri. Idan a wannan tsakanin ya tashi daga na shida zuwa na biyar, wannan kaɗai zai iya kawo ƙarin, domin babu abin da ke juya yawan dannawa kamar matsayi. Sannan akwai lokaci. Idan makonnin bayan canjin sun faɗa cikin azumi, masu neman girki sun canza, niyyarsu ma ta canza. Abin da ya fi ba ni dariya shi ne na ƙarshe, wanda ya kamata ya zo farko: shin imojin ma ya fito? Sau da yawa ana yaba masa a kan aikin da bai halarta ba, domin Google ya cire shi, ko kuma bai sake ziyartar shafin ba sai bayan kwanaki. Ana gane ranar ziyarar ƙarshe ta hanyar saka adireshin shafin a URL Inspection cikin Search Console, sannan a nemi ainihin kalmomin da ke kawo mutane, a waya da kwamfuta, a gani da ido.

Gwajin da ya fi kusa da gaskiya shi ne ta ɗauki shafuka masu kama da juna, a ce 60 na miya da tuwo, ta raba su gida biyu masu kusan yawan baƙi iri ɗaya. Ta sa imoji a 30, ta bar 30, ba ta canza ko kalma ɗaya a cikin taken ba. Idan azumi ko wani sauyi na Google ya zo, zai taɓa ɓangarorin biyu tare, sai a kwatanta yadda kowanne ya motsa. Ko a nan ma, idan jimillar dannawar ɗaruruwa kaɗan ce, ƙaramin bambanci ba zai rarrabu da kai-komon da alƙaluma suka saba yi ba. Mafi yawan ƙananan shafuka ba su da cunkoson da zai nuna ƙarin kashi biyu ko uku, sai dai babban sauyi.

Akwai kuma hasarar da ba ta jiran gwaji. Google yana datse take gwargwadon faɗin allo, kuma imoji da giɓin da ke bayansa suna cin wurin haruffa uku ko fiye. Taken Hausa dama yakan yi tsawo, don haka kalmar ƙarshe da ke gaya wa mai karatu abin da zai samu ita ce ke komawa ɗigo uku. Tsohuwar waya da ba ta san sabon imoji ba sai ta nuna akwati babu komai a ciki. Manhajar da ke karanta wa makafi allo kuwa takan furta sunan kowane imoji, don haka wuta uku a jere sai an ji ta sau uku kafin a kai ga labarin.

Matsala ta ƙarshe ta rumbun ajiya ce, kuma tana ruɗar masu shafukan Hausa musamman. A MySQL, manhajar rumbun da shafuka da yawa ke ajiye rubutunsu a ciki, tsohon tsarin da ake kira `utf8` yana ɗaukar harafin da bai wuce bayit uku ba. Haruffanmu masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ, bayit biyu ne kowanne, saboda haka suna shiga lafiya, mai shafi ya ɗauka komai daidai yake. Yawancin imoji kuwa bayit huɗu ne, sai da `utf8mb4`. A tsohon rumbu, ajiyar na iya ƙin karɓa, ko imojin ya koma alamar tambaya, ko a yanke duk rubutun da ya biyo bayansa. Idan a farkon take aka sa shi, taken gaba ɗaya na iya tafiya, Google kuma ya zo ya tarar da wuri fayau ya zaɓa maka wani daga cikin shafin. Komawa `utf8mb4` shi ne gyaran da WordPress 4.2 ya kawo a 2015, amma shafin da aka gina da hannu, ko aka kwaso daga tsohuwar ajiya, yana iya kasancewa a kan tsohon tsarin har yau.