Ba kowace lamba ake cire wa matsakaici ba

Mun daɗe muna jin cewa da zarar amsa ta zama lamba, kowane lissafi ya halatta a kanta. Ba abin mamaki ba ne, don kwamfuta ba ta ƙin lissafi. Amma lambobi mataki huɗu ne.

A ce ɗaliba a Jos ta raba takardar tambayoyi tana tambayar unguwar kowa, ta ba Gangare 1, Unguwar Rogo 2, Rikkos 3. Matsakaici ya fito 2.4. Wace unguwa ce 2.4? Lambobin nan laƙabi ne kawai, matakin nominal, ƙirga su ake yi a faɗi wadda ta fi yawa. Na ɗaya, na biyu, na uku a aji kuwa odinal ne: akwai jeri, amma tazarar ba ɗaya ba ce, don haka na tsakiya ake dubawa.

Inda aka fi zamewa, a ganina, shi ne intabal, matakin da tazarar lambobi ɗaya ce amma sifirinsa ba ya nufin babu. Safiyar hunturu Jos na 15°C, Abuja na 30°C, sai a ce zafin ya ninka. Gwada da kanka: a ma'aunin Faranhait 59 ne da 86. Ina ninkin? Sifirin Salshiyos ba rashin zafi ba ne, wurin daskarewar ruwa ne. Matsakaici da bambancin digiri 15 sun halatta, ninki bai halatta ba. Sai a reshiyo, inda sifiri ke nufin babu, kamar nauyin dankali: kilo 50 ninkin kilo 25 ne, ko da wane sikeli.

Don Allah a tura wa ɗaliban da ke rubuta aikin bincike.