Yadda shafin ƙarshe zai mayar da mai karatu farko

Wane maɓalli zan danna jerin hotunana ya riƙa zagayowa da kansa?

Babu shi. A Instagram, in an kai hoton ƙarshe an tsaya ke nan. Mai karatu ne zai koma baya da yatsansa, aikinka shi ne ka ba shi dalili.

In na sa kibiya na rubuta "koma farko" ya isa?

A'a. Ya koma ya ɗauko me?

To me zan rubuta a shafin ƙarshe?

Ya danganta da abin da ka ajiye a shafin farko, shi ya sa ake tsara su biyun tare kafin a taɓa na tsakiya. A ce darasinka kan kurakuran takardar neman aiki ne, shafi shida. A na farko ka sa hoton takardar da taken "Kurakurai huɗu ne a nan". Na biyu zuwa na huɗu, kowanne ya warware kuskure ɗaya. Na biyar ya nuna yadda gyaran ukun ya fito. Na shida ya ce: "Saura ɗaya. Yana shafin farko, kusa da kwanan wata. Koma ka nemo, ka faɗa mana." Yanzu komawar ta yi amfani, domin ya koyi yadda ake dubawa, zai ga abin da ya wuce shi da farko.

Sai dai a kula. Dole kuskuren ya kasance a wurin da gaske, kuma a iya karanta shi a fuskar waya ba tare da an buɗa hoton da yatsu biyu ba. In ya fito fili da yawa, an gan shi tun farko, ba mai komawa. In ya ɓuya da yawa, mutum zai ji an yi wasa da hankalinsa. Ni dai nakan ba wani ya gwada kafin in wallafa. Kuma ba kowane darasi ne ke karɓar wannan dabara ba. In matakai ne a jere, na fi son a rufe da taƙaitawa kawai.

Shafi nawa ya kamata?

Lissafa da kanka. Daga na shida ja biyar ne zuwa farko, daga na 20 kuwa ja 19. Wa zai yi maka wannan wahalar?

Na raba hoto ɗaya gida biyu, rabi a ƙarshe rabi a farko, amma bai haɗu ba.

Ba zai haɗu ba, ai ba maƙwabta ba ne. Wannan dabara ta shafukan da ke jere ce: ka zana hoto ɗaya mai faɗin pixel 6480 da tsayin pixel 1350, ka yanka gida shida, 1080 kowanne.

Ta yaya zan san sun koma?

Kwantar da hankalinka, duba martani. Duk wanda ya rubuto kuskure na huɗu daidai, alama ce ya sake duba shafin farko.