Mazaunin kasuwanci na dindindin: ƙa'idar da ke raba harajin riba tsakanin ƙasashe

Kamfanin waje zai iya sayar wa mutanen wata ƙasa kayan biliyoyi, amma hukumar harajin ƙasar ta kasa taɓa ko kwabo daga ribarsa, kuma ba tare da ya karya doka ba. Abin da ke kawo haka shi ne ƙa'idar da masu aikin haraji ke kira mazaunin kasuwanci na dindindin. A yarjejeniyoyin da ƙasashe ke ƙullawa don kada a karɓi haraji sau biyu a kan riba ɗaya, ribar kamfani ta ƙasar da yake zaune ce. Ɗaya ƙasar ba ta da rabo sai in kamfanin ya kafa ƙafa a cikinta, kuma ko ya kafa, galibi iya ribar da wannan mazaunin ya samar kaɗai za ta yi wa haraji.

Yawancin yarjejeniyoyin sun kwafo wannan daga samfuri biyu, na OECD, ƙungiyar haɗin kan tattalin arziki ta ƙasashe galibi masu arziki, da na Majalisar Ɗinkin Duniya. A duka biyun sashe na 5 ne ke fayyace mazaunin, na 7 kuma ya yi maganar riba. Sashe na 5 ya ce tsayayyen wuri ne da kamfani ke gudanar da kasuwancinsa ta cikinsa, duka ko wani ɓangare: ofis, reshe, masana'anta, ma'adana, rijiyar mai. Ba dole wurin ya zama mallakarsa ba, ko haya ma ba sharaɗi ba ce. Abin dubawa shi ne ko wurin yana ƙarƙashin ikonsa, yana aiki a ciki yadda ya ga dama. A 2017 Kotun Ƙolin Indiya ta yanke cewa filin tseren motoci na Buddh mazauni ne na kamfanin Formula One na Birtaniya, alhali tseren kwana uku ake yi a shekara, domin a lokacin da ake neman kuɗin a wurin, filin yana hannun kamfanin ne.

Bari mu ƙaddara wani kamfani na Turai ya sayar wa mai masana'anta a Kano injinan casar shinkafa na naira biliyan 2, kuma akwai yarjejeniyar haraji tsakanin ƙasarsa da Najeriya mai bin samfurin Majalisar Ɗinkin Duniya. An yi ciniki ta waya da imel, an sa hannu a Turai, kaya suka sauka a tashar Apapa. Kwastam za su karɓi nasu a kan kayan, amma ribar da kamfanin ya ci a cinikin ta tafi gida. Ko da ya kama ɗan sito a Legas inda yake baje injinan don masu saye su gani, bai zama mai mazauni ba, saboda sashe na 5 ya ware ajiya, baje koli, sayen kaya da tattara bayanai, muddin aikin share fage ne ko na taimako kawai.

To sai mai masana'antar ya ba shi wani aikin daban, ya gina rumfar injinan ya harhaɗa su, a kan naira miliyan 400. Nan agogo ya fara bugawa. A samfurin Majalisar Ɗinkin Duniya, wurin gini ko harhaɗawa yana zama mazauni in ya wuce wata 6. A na OECD sai ya wuce wata 12, kuma ba mamaki, tunda ƙasashen da ke fitar da 'yan kwangila ne suka tsara shi. Yarjejeniyar Najeriya da Birtaniya ta rage zuwa wata 3. A misalinmu, in injiniyoyin sun gama cikin wata 5, sun tsira. In kwantena ɗaya ta maƙale a tasha aiki ya kai wata 7, mazauni ya tabbata, kuma lissafin yana komawa ranar farko, ba daga wata na bakwai ba. Ɗan dakatawar da aka yi ana jiran kaya ko saboda damina ba ta tsayar da agogon. A ce albashi, siminti, rodi, sufuri da kason hidimar da hedkwata ta yi wa aikin sun ci miliyan 300. Ribar mazaunin miliyan 100 ke nan, harajin kashi 30 cikin ɗari kuma miliyan 30.

Wannan miliyan 30 ce ke sa a yi dabara. Wadda aka fi sani ita ce tsaga kwangila: kamfanin ya ɗauki wata 4, wani ƙanensa da aka yi wa rajista a wata ƙasa ya ɗauki wata 4, kowa ya tsaya ƙasa da iyaka. Jami'in haraji mai ido ba ya tsayawa a takardar kwangila. Zai nemi littafin mai gadi na bakin ƙofa, hatimin shiga da fita a fasfo, takardun biyan otal. In injiniyoyin da suka fara su ne suka ƙarasa, hula kawai suka canja, aiki ɗaya ne.

Akwai kuma hanyar da ba ta buƙatar gini ko ofis, wato wakili. In kamfanin yana da mutum a Kano wanda ya saba ƙulla ciniki da sunansa, kuma ba dillali mai zaman kansa ba ne da ke yi wa kowa aiki, wannan mutum ya wadatar. Shekara da shekaru kamfanoni suna kauce wa wannan ta hanyar barin ma'aikatan gida su yi duk cinikin, sa hannu kawai a kai waje. Faransa ta nemi kusan yuro biliyan 1.1 daga reshen Google na Ireland, amma a 2017 wata kotu a Paris ta ce ba shi da mazauni a ƙasar, tunda ma'aikatan da ke Faransa ba su da ikon ɗaure shi da kwangila. Daga baya, a 2019, an sasanta a kan kusan yuro biliyan 1. Gyaran da OECD ta shigar a samfurinta na 2017 ya toshe wani ɓangare na ramin: wanda ya saba taka babbar rawa har ciniki ya faɗa, hedkwata ta buga hatimi ba tare da canja wani abin kirki ba, shi ma ana lissafa shi. Sai dai gyaran samfuri ba ya canja tsohuwar yarjejeniya da kansa, sai ƙasashen biyu sun amince.

A ganina babban raunin ƙa'idar ba ya gyaruwa da irin wannan faci, domin an gina ta ne a zamanin da ba a iya cin kasuwar gari sai an je garin. Mai sayar da talla ko finafinai ta intanet ba ya buƙatar ko kujera a Kano. Shi ya sa Najeriya ta shigo da ma'aunin "gagarumar hulɗar tattalin arziki" a Dokar Kuɗi ta 2019, umarnin minista na 2020 kuma ya sa iyakar naira miliyan 25 a shekara ga masu hidima ta intanet. Wannan dokar cikin gida ce, tana cin kamfanin da ƙasarsa ba ta da yarjejeniya da Najeriya. Wanda ƙasarsa ke da ita zai ɗauko sashe na 5 ya ce a nuna masa ofis ko wakili, kuma galibi yarjejeniyar ce ke rinjaye.