Sandunan RAM Biyu, Gurbi Huɗu: Ina Ake Saka Su?

Na sayi sandunan RAM biyu masu gigabait 8 kowanne, na saka su kusa da juna a gurbin farko da na biyu. Kwamfutar ta tashi, ta nuna 16 cif. Wani ya ce na yi kuskure. Ina kuskuren yake?

Gaskiyarsa ne, amma kuskuren irin wanda ba ya nuna kansa ne. Firosesar yawancin kwamfutocin gida da na ofis tana da hanyoyi biyu da take magana da RAM ta cikinsu, ana kiransu A da B. A madabod mai gurbi huɗu, kowace hanya tana da gurbi biyu. Idan ka fara ƙirga daga ɓangaren firosesa, yawanci jerin shi ne A1, A2, B1, B2. Kai ka cika A1 da A2, wato ka ɗora sandunan duka a kan hanya ɗaya, ita kuwa B ka bar ta babu kowa.

Kamar tanki ne mai bututu biyu, aka toshe ɗaya. Ruwan yana nan bai ragu ba, shi ya sa ka ga 16 ɗinka. Abin da ya ragu shi ne yawan da ke iya fitowa a lokaci guda.

Ga lissafin. Kowace hanya tana ɗaukar bait 8 a tafiya ɗaya. Sandar DDR4-3200 tana yin tafiya miliyan 3200 a sakan guda, ka ga kenan hanya ɗaya ba ta wuce gigabait 25.6 a sakan. Idan biyun suna aiki tare, iyakar ta koma 51.2. Kayan dai su ne, kuɗin da ka kashe ma shi ne, wurin zama kawai ya bambanta.

To idan na gyara, kwamfutar za ta ninka sauri?

A'a. Faɗin hanyar ne ya ninka, kuma ba kowane aiki ne ke cika hanya ɗayar ba ma. Mai rubutu da buɗe shafukan intanet da wuya ya ji bambanci, domin firosesa tana da 'yar ma'ajiya a cikin jikinta da ke riƙe abin da take yawan nema.

Inda abin ke fitowa fili shi ne kwamfutar da ba ta da katin girafik na daban. Katin girafik yana zuwa da ma'ajiyarsa mai sauri, amma girafik ɗin da ke haɗe cikin firosesa ba shi da tasa, RAM ɗin nan yake ci tare da firosesar. Duk hoton da za a zana a allo sai ya bi ta hanyar. Idan ɗaya ce, su biyun suna ta jiran juna, sai ka ga wasan bidiyo yana tsinkewa ko yana jan ƙafa. Masu tace bidiyo da masu matse manyan fayiloli su ma suna amfana. Shi ya sa in za a ba ni zaɓi tsakanin sanda ɗaya mai 16 da biyu masu 8, biyun zan ɗauka, sai dai in na san zan ƙaro wata mai 16 nan kusa.

Tun da A da B ake so, me ya sa ake cewa lallai A2 da B2? A1 da B1 ba su isa ba?

Su ma za su buɗe hanyoyin biyu. Matsalar a siraran layukan tagulla take, waɗanda ke shimfiɗe cikin madabod. A mafi yawan na yanzu, layin yana tasowa daga firosesa, ya bi ta A1, ya ƙare a A2. Idan sanda tana A1, an bar guntun layi yana tafiya zuwa gurbin da babu komai. Sigina ya je can, ya tarar ba mai karɓa, sai ya dawo baya kamar amsa-kuwwa ya gauraya da wanda ke tahowa. Idan kuwa sandar tana A2, layin ya ƙare a inda ya kamata.

A ƙaramin sauri za ka iya tsira da hakan. Amma da zarar ka kunna XMP ko EXPO a cikin BIOS don sandunan su yi gudun da aka rubuta a kwalinsu, nan ake ganin rigima: kwamfuta ta ƙi tashi, ko ta tashi ta riƙa mutuwa tsakiyar aiki. DDR5 ta fi DDR4 rashin haƙuri da wannan.

A taƙaice, gurbi na biyu da na huɗu daga firosesa. Duk da haka duba littafin madabod ɗinka, shi ne alƙali, domin ba duka aka ƙera iri ɗaya ba. Wasu ma an buga sunan gurbin a jikinsu da ƙananan haruffa. Kada ka dogara da launin gurbi kaɗai.

Yaya zan canza musu wuri ba tare da na lalata komai ba?

Kashe kwamfutar, zare wayar wuta, ka danna maɓallin kunnawa na 'yan sakanni don ragowar wutar ta fita. Taɓa ƙarfen akwatin kafin ka kai hannu ciki. Wadda ke A2 ka bar ta, ta A1 kaɗai za ka mayar B2. Buɗe maƙalan gefenta (wasu madabod gefe ɗaya kawai ke buɗewa), ka riƙe ta ta gefuna, ban da wurin zinaren.

A ƙasan sandar akwai tsaga, kuma ba a tsakiya take ba. Daidaita ta da ɗan tudun da ke cikin gurbin, sannan ka danna ƙarshen biyu har maƙalan su rufe da kansu. Tana buƙatar ƙarfi fiye da yadda sabon hannu ke zato, kuma yawancin matsalar da ke biyo baya daga nan take: gefe ɗaya bai zauna ba. Alamarsa fanka na juyawa allo baƙi, ko fitilar DRAM da ke jikin madabod ta tsaya a kunne, ko ka ga 8 maimakon 16. Idan DDR5 ce, ba ta 'yan mintuna a tashin farko kafin ka yanke hukunci, madabod na gwada sandunan ne.

Ta ina zan tabbatar ya yi?

Buɗe CPU-Z, manhajar da ke nuna bayanan kayan kwamfuta, shiga shafin Memory, ka dubi Channel. A DDR4 kana son ganin Dual ko 2 x 64-bit. A DDR5 a kula: kowace sanda a rabe take gida biyu, don haka 2 x 32-bit na nufin hanya ɗaya ce ke aiki, 4 x 32-bit kuma duka biyun.

Idan sandunan ba su yi daidai ba fa, kamar 8 da 16?

Yawanci suna aiki. Firosesa za ta haɗa 8 na wannan da 8 na waccan su bi hanya biyu, ragowar 8 ɗin kuma su bi hanya ɗaya. Haka ake samu a laftop mai RAM manne a jiki da gurbi ɗaya na ƙari. Idan saurinsu ya bambanta, duka za su sauko zuwa na mai jinkirin, don haka sandar 3200 da aka haɗa da ta 2666 za ta yi gudu ne a 2666.