Pampon madafa na ɗiga: amsoshin tambayoyin da kuke ta maimaita mini

Na ɗaure pampon iya ƙarfina, har yanzu yana ɗiga. In ƙara ɗaurewa?

A'a. Ɗaurewar nan ce ma ta kashe shi. A cikin pampo mai murɗawa akwai wata ƴar roba baƙa, faɗinta bai kai na kwabon dala biyar ba. In ka murɗa, ita ce ke sauka ta toshe bakin ramin da ruwa ke fitowa. Ta tsufa ta taurare, ko ta tsage. Ƙarfi ba ya mayar da ita sabuwa.

An ɗauke ruwa a unguwarmu, ba sai in kwance shi yanzu ba?

Kada ka kuskura. Wanda ya zauna Yamai lokacin zafi ya san ruwa ba ya sallama in zai dawo. Je wurin kontar ka rufe makullin da ke kusa da shi, ka dawo ka buɗe pampon har abin da ya rage a bututu ya tsiyaye.

Wane kayan aiki nake bukata?

Turnabis, kile mai daidaitawa, tsumma, sai sabuwar roba.

Yaya ake kwancewa?

Toshe ramin kwamin wanke-wanke da tsumma tukuna, don ƙaramin bis in ya faɗa ciki ya tafi ke nan. Ɓalle ɗan murfin da ke saman hannun pampon, mai alamar shuɗi ko ja, ka kwance bis ɗin da ke ƙarƙashinsa, ka zare hannun. Za ka ga noti mai kusurwa shida. Sa kile ka murɗa hagu, ɗaya hannun kuma ya riƙe jikin pampon gam, in ba haka ba pampon gaba ɗaya zai juya ya yage haɗin da ke ƙasa. Abin da ya fito, robar tana can ƙarshensa, wani lokaci da ɗan noti a kanta. Cire ta, sa sabuwa, ka mayar da komi yadda ka same shi. Makullin ruwa kuma a hankali ake buɗe shi, pampon na buɗe.

Wace roba zan saya?

Saka tsohuwar a aljihu ka tafi da ita Katako ko kantin kayan pampo na unguwa. Yawancin pampon madafa awonsu 15/21 ne, amma kauri da faɗi suna bambanta. Ka daina aiken yaro da kwatance.

Malam, na canza robar har sau biyu, bayan ƴan kwanaki ɗigar ta dawo. Pampon ya mutu ne?

Wataƙila, amma kada ka yi saurin yanke masa hukunci. Fara duba inda ruwan ke fitowa. In daga gindin hannu yake tsatsowa sa'ad da aka buɗe pampon, ba wannan robar ce ke da laifi ba, wani siririn zoben roba ne da ke jikin sandar da hannun ke murɗawa, shi za ka canza.

In kuwa daga baki yake ɗiga pampon na rufe, sake kwancewa ka haska fitilar waya cikin ramin. Akwai zoben ƙarfe a ƙasa, nan robar ke zama. Zagaya shi da farce. Wani lokaci tsakuwa ɗaya ce ko yashi da ruwa ya kwaso bayan an ɗauke shi ya dawo, ka share shi ke nan. Wani lokaci farin dutsen nan da ruwa ke bari ne ya daskare, tsumma mai binegar na narkar da shi in ka bar shi a kai awa ɗaya ko biyu. Amma in farcenka ya maƙale a wata ƴar tsaga, to ruwan da ya daɗe yana kurɗawa ne ya ci ƙarfen, kuma duk robar da ka sa, tsagar za ta yanke ta. Tsohuwar robar ma za ta nuna maka: za ka ga zane a wuri ɗaya kamar an tsaga da reza.

Tsagar in ba ta yi zurfi ba, masu gyaran pampo suna da abin da suke murzawa a ciki ya goge zoben ya daidaita. Yakan yi, ba kullum ba. A pampon tagulla mai nauyi ya cancanci a gwada. Irin marar nauyin nan mai ƙyalli, wanda cikinsa ke zama toka-toka yana marmashewa, ni dai ba na ɓata lokaci a kansa, sabo za ka saya. In gidan haya kake, nuna wa mai gida tukuna.

In yanko robar daga tsohon cub na tayar babur fa?

Ya yi siriri, zai naɗe. In dare ya yi maka, juya tsohuwar robar ta ɗaya fuskar, za ta kai ka gobe ko jibi.

Na buɗe nawa ban ga roba ba.

Naka irin mai buɗewa da ɗan juyi kaɗan ne, faranti biyu na tangaran ke cikinsa. Ba a canza masa roba, kan gaba ɗaya ake sauyawa. Tafi da shi kanti a ba ka irinsa, ka kuma gwada hannun a kai tun kana can, don haƙoran ba duka suke dacewa ba.