Wasiƙar neman aiki: abin da za ka ce wa banki daban, na ƙungiya daban

Malam, zan iya tura wasiƙa ɗaya ga banki da sabon kamfanin fasaha da ƙungiyar agaji?

A'a. Kwanan baya wani yaro ya zo shagona a nan Ringim yana kukan ƙungiya ta yi masa shiru. Da muka buɗe wasiƙar, sunan bankin da ya nema a baya na nan zaune a layi na biyu.

Da wace gaisuwa zan buɗe ta banki?

Dear Sir/Madam, ka rufe da Yours faithfully. In ka san sunan mai karɓa har ka rubuta shi, to Yours sincerely. Shafi ɗaya, sunan gurbin a sama. Kuma don Allah ku rabu da I humbly beg to apply ɗin nan. Aiki kake nema, ba sadaka ba.

In fara da tambayar iyali da gajiya?

Ba surukinka kake rubuta wa ba.

Na yi shekara biyu ina POS a kasuwar Gujungu, na kuma yi aikin rigakafi gida-gida. Yaya zan faɗi wannan a wurare ukun ba tare da na yi ƙarya ba?

Yauwa ƙanwata, ke ce kika yi tambaya. Aikin da kika yi ba ya canjawa, abin da za ki sa a gaba ne ke canjawa.

Banki amana yake saye, tsoronsa kuɗi su yi ƙafa. Saboda haka ki fara da digiri da matakinsa da shaidar gama bautar ƙasa, don da su ake tace mutane tun kafin a karanta jimla ta biyu. Sai ki ce kin riƙe kuɗin jama'a shekara biyu, kullum da yamma kina daidaita abin da na'ura ta nuna da tsabar da ke hannunki. In za ki faɗi adadi, ki faɗi wanda ke cikin littafinki, domin za su iya tambaya a ganawa. Ba raha, ba gajarta kalma.

Sabon kamfani kuwa, sau da yawa mai shi ne ke karantawa a waya, kuma ba shi da lokaci. Layi biyar ko shida sun isa. Digiri ya koma ƙasa. Ki fara da matsalar da kika warware: ranar kasuwa sabis ya ɗauke, an cire wa mai hatsi kuɗi bai karɓa ba, yadda kika rubuta lambar cinikin, kika bi har aka mayar masa, ya ci gaba da zuwa wurinki. In kin taɓa amfani da manhajarsu, faɗi abu ɗaya da ke ba 'yan kasuwa wahala a ciki. Sai dai a yi hattara, wasu masu kamfanin na son a faɗa musu gaskiya, wasu kuma suka ce take yi musu zafi. Ki faɗe shi a matsayin abin da kika lura, ba hukunci ba.

A wurin ƙungiya rigakafin ne ke shiga gaba. Ambaci ƙaramar hukuma da mazaɓun da kika zagaya, yadda kika bi ta hannun mai unguwa kafin shiga gidan da ya ƙi, da cewa ke mace ce mai iya shiga cikin gida. In kin cike bayanai da manhajar tattara bayanai ta waya, ODK ko KoboToolbox, rubuta sunan. In ba ki taɓa ba, kada ki rubuta, ana iya miƙo miki waya a ce gwada. Kuskuren da na fi gani shi ne cika wasiƙa da "ina son taimakon talakawa". Kowa haka yake rubutawa. Ɗauki sharuɗɗan tallar ɗaya bayan ɗaya, ki ba kowanne hujja, don galibi da su ake ba da maki.

Amma fa rabon nan ba ƙa'ida ba ce. Akwai kamfanin fasahar da ya girma ya ɗauki ɗabi'ar banki, akwai babbar ƙungiyar da ta fi banki tsauri. Ki karanta tallar sau biyu, ki ji muryarta, sannan taki ta ɗan fi tasu ladabi. In kin rasa gane inda suka dosa, ki karkata wajen ladabin, ya fi sauƙin yafewa.

Mai kamfanin ya girme ni, ya rubuto Hi da sunansa kawai. In kira sunansa gatsal?

Na san bakinka ba zai iya ba, kuma babu laifi. Sa Malam ko Hajiya kafin sunan. In ya ce ka bari, ka bari. Ranka ya daɗe dai a ajiye wa hakimi.

Dole ne in sa lambar gurbi a kan saƙon imel?

In sun ce a sa, dole. Kwafe ta yadda take, harafi da harafi. Da ita ake ware saƙonni, wanda babu ita yana iya kwana ba a buɗe shi ba.

To CV fa, shi ma sau uku?

Jera shi sau uku, e. Kwanan wata kuwa kada ya motsa, musamman na haihuwa. Banki zai gwada shi da na NIN ɗinka.