Layin koyo: tsarin matsakaicin lokaci na jimla

Layin koyo hanya ce da masu lissafin masana'antu ke bi don hasashen kuɗin ƙwadago idan ana maimaita ƙera kaya iri ɗaya zubi bayan zubi. A tsarin matsakaicin lokaci na jimla, duk sa'ad da yawan abin da aka ƙera tun daga farko ya ninka sau biyu, matsakaicin lokacin kowane zubi yakan sauko da wani kaso da ba ya canjawa.

Tarihi

Injiniyan jiragen sama na Amurka, Theodore P. Wright na kamfanin Curtiss-Wright, shi ya fitar da tsarin a wata maƙala a 1936. Ya lura cewa ma'aikata na daɗa sabawa da haɗa jirgi, aikin na daɗa sauri a hannunsu, kuma duk ninki matsakaicin ƙwadago kan koma kusan kashi 80 cikin ɗari na abin da yake a da. Lissafin ya samu karɓuwa lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, da ake ƙera jirage dubbai. A shekarun 1940 aka samu wani tsarin da ake dangantawa da James Crawford na Lockheed, wanda ke ɗora kason a kan lokacin zubi na ƙarshe kaɗai. Ba a daidaita kan wanda ya fi ba.

Lissafi

```
Y = aX^b
b = log r / log 2
```

Y matsakaicin lokaci ne, harafin a shi ne lokacin zubin farko, X jimlar zubi, r kuwa kason koyo. Ga kashi 80, wato r = 0.8, b yana kusan −0.322.

A ce zubin farko ya ci awa 100. Bayan zubi 2 matsakaici ya zama awa 80, jimla 160, ke nan na biyun awa 60 kacal ya ci. Nan mutane suka fi zamewa, sai su rubuta masa 80, alhali wannan lissafin Crawford ne. Bayan zubi 4 matsakaici 64 ne, jimla 256. Bayan 8 kuma 51.2, jimla 409.6. In mai saye ya dawo neman ƙarin zubi huɗu bayan huɗun farko, sai a debe 256 daga 409.6, saura awa 153.6, a ninka da ladan awa ɗaya. Wanda ya yi farashi da awar zubin farko zai ce 400, ciniki ya wuce shi.

Iyaka

Tsarin na aikin hannu ne. Inda inji ke yanke saurin aiki, ba ya tasiri. Dogon hutu ko sauyin ma'aikata kan mai da hannun agogo baya, kuma daga bisani lokacin yakan tsaya cak. Ana gane haka idan jimla ta ninka amma matsakaici bai sauko yadda aka lissafa ba.